Kafin Ka Amsa Kiran Mitin, Tambayi Abin Da Za A Tattauna

Duk mai aikin ofis ya san irin wannan saƙon. Yakan shigo ta imel ko ta zauren WhatsApp na ma'aikata, galibi da yamma ana dab da tashi: "Akwai muhimmin taro gobe da ƙarfe goma na safe a ɗakin taro. Ana buƙatar kowa ya halarta a kan lokaci." Iyakarsa ke nan. Ba a faɗi batun da za a tattauna ba, ba a faɗi lokacin tashi ba, ba a kuma ce kowa ya zo da wata takarda ba. Washegari mutum goma sha biyu su hallara, a yi addu'ar buɗe taro, a yi gaishe-gaishe, sai can a gano cewa maganar ta mutum uku ce, sauran taran rakiya suka yi. Kafin a watse an kira azahar, aikin da kowa ya baro a kan tebur kuma yana nan yana jiransa.

Abin mamaki shi ne da wuya ka sami wanda ya tambaya tun jiya, "Me za a tattauna?" Kowa ya yi wannan tambayar a zuci, amma ba wanda ya furta.

Dalilin shirun a bayyane yake. Mun tashi a kan cewa idan an kira ka, amsawa ake yi. Yaron da babba ya kira ya ce "me zan yi?" kafin ya taso, an san sunan da za a ba shi. A addini ma amsa gayyata na cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa. Wannan tarbiyya ce mai kyau, kuma ita ke riƙe da zumuncinmu. Sai dai gayyatar walima ko ɗaurin aure daban take da kiran mitin. A walima, zuwanka shi ne abin da ake nema. Da ka iso ka sauke nauyi. A mitin kuwa, abin da ke cikin kanka ko cikin fayil ɗinka ake nema, kuma lokacin da za ka ɓata a can ba naka ba ne, an riga an biya ka albashi a kansa domin wani aikin. Wanda ya tambayi dalilin mitin yana kare amanar da aka damƙa masa ne, ko da a kunnen wasu tambayar ta yi kama da girman kai.

A yi ɗan lissafi a gani. A ce ma'aikaci yana ɗaukar naira 300,000 a wata, yana aikin kwana 22, awa takwas kullum. Awa 176 ke nan, wato kowace awa tana tashi a kusan naira 1,700. Idan mutum goma sha biyu masu irin wannan albashi suka zauna awa biyu, an cinye awa 24 na aiki, daidai da kwana uku cur na ma'aikaci guda, kuɗi kuma sun haura naira 40,000, ban da man janareto da ruwa da lemo. Da wani zai nemi ofis ya fitar masa da naira dubu arba'in, sai ya rubuta takarda ya bayyana abin da zai yi da su, a sa hannu wuri biyu ko uku. Amma mitin, layi biyu a WhatsApp sun isa.

Asarar ma ta wuce awa biyun da aka zauna. Wani marubuci mai zuba jari a kamfanonin fasaha a Amurka, Paul Graham, ya yi wani rubutu a 2009 inda ya bambanta jadawalin manaja da na mai ƙera abu. Manaja ranarsa a yanke take awa-awa, mitin ɗaya a wurinsa gurbi ɗaya ne kawai. Amma mai aikin da ke buƙatar natsuwa, kamar mai rubuta manhaja, ko a wurinmu akanta ko mai haɗa rahoto, yana buƙatar rabin yini a dunƙule. Idan aka dasa masa mitin ƙarfe goma, safiyar ta tafi: kafin goma ba zai fara abu mai nauyi ba don ya san za a katse shi, bayan an tashi kuma sai salla da abinci. Shi ya sa mai kiran mitin, wanda galibi manaja ne, yakan yi mamakin yadda mutane ke ƙorafi a kan "'yar awa biyu".

Tambayar tana da asali

Wanda ke jin neman ajanda baƙon abu ne, ya dubi yadda ake gudanar da tarukan da doka ta san da su. Dokar kamfanoni ta Nijeriya, wadda aka sabunta a 2020, ta tanadi a ba masu hannun jari sanarwar kwana 21 kafin babban taron kamfani, kuma dole sanarwar ta faɗi wuri da rana da lokaci, da irin batutuwan da za a gabatar. Hikimar a fili take: kada a tara mutane su yanke hukunci a kan abin da ba su shirya masa ba, kada kuma a yanke shi a bayan wanda da ya san batun da ya zo. A Majalisar Dokoki ta Ƙasa ma akwai takardar jerin ayyukan rana da ake rabawa kafin a fara zama. Ƙananan tarukan ofis ba su ƙarƙashin waɗannan ƙa'idoji, amma dalilin da ya sa aka kafa su bai canza ba don ɗakin ya ƙanƙance.

Wasu kamfanoni sun ɗauki matakin daga sama. A watan Janairun 2023 kamfanin Shopify na ƙasar Kanada ya goge daga kalandar ma'aikatansa tarukan da ake maimaitawa na fiye da mutum biyu, ya kuma ware Laraba a matsayin ranar da ba a mitin. Wannan sai masu kamfani. Ƙaramin ma'aikaci ba shi da ikon goge taron kowa. Abin da ke hannunsa shi ne tambaya, kuma yadda ya yi ta shi ke sa ta yi aiki ko ta jawo masa baƙin jini.

Yadda ake yi

Mu ƙaddara wata akanta a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano. Ranar Talata ce, wata ya kusa ƙarewa, kuma dole jadawalin albashi ya isa banki ranar Alhamis. Da misalin ƙarfe biyu sai gayyata ta shigo kalandarta daga shugaban sashen sayarwa, wanda matsayinsu ɗaya da ita: Laraba, goma zuwa sha biyu, mutum goma sha biyu, take kuma "Tattaunawa kan sabon tsari". Babu bayani, babu takarda a maƙale.

Kafin ta rubuta komai, sai ta fara duba gayyatar da kyau, domin sau da yawa amsar tana ciki. Su wa aka gayyata? Idan duk shugabannin sassa ne har da babban manaja, alama ce za a yanke wani abu. Idan kuwa an kwaso sunaye ne daga ko'ina, mai yiwuwa an sa ta ne don kada a ce an manta da sashen kuɗi. A Outlook ana raba mahalarta gida biyu, Required da Optional. Wanda aka sa a na biyu, tun farko an sauƙaƙa masa. Sai kuma ta tuna ko an yi wata magana a makon da ya wuce wadda wannan zaman ci gabanta ne. Babu abin kunya kamar ka nemi ajandar da aka riga aka turo maka ba ka buɗe ba.

Ta duba, babu komai. Matakin farko a nan tambaya ce, ƙin zuwa sai daga baya. A kalanda sai ta danna Tentative, ko Maybe idan Google Calendar suke amfani da shi, wanda ke nufin ta gani amma ba ta yi alkawari ba. Sannan ta tura masa saƙo shi kaɗai:

"Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Na ga gayyatar zaman gobe, na gode. Don Allah wane batu za a tattauna, kuma me ake buƙata daga sashen kuɗi, domin in zo da shirina? Ina kan aikin albashi wanda dole ya tafi banki jibi, saboda haka idan na ji daga gare ka kafin ƙarfe huɗu zan san yadda zan tsara goben."

Saƙon gajere ne, amma kowace gaɓa tana da aikinta. Ta tambayi abu biyu ne, batun da kuma rawar da ita za ta taka, domin taro yana iya zama mai muhimmanci ƙwarai amma bai shafe ka ba. Ta faɗi ainihin aikin da zaman zai ture, da ranar da za a miƙa shi. "Ina da ayyuka da yawa" ba hujja ba ce, kowa ma yana da su. Ta kuma sa lokacin da take jiran amsa, don kada maganar ta kwana a rataye. Ba ta ce "ba na halartar taron da babu ajanda" ba. Wannan jumla ko da gaskiya ce, wa'azi ce, kuma ba wanda ke son abokin aikinsa ya yi masa wa'azi.

Wurin da aka yi tambayar ma yana da nauyi. Da ta jefa ta cikin zauren WhatsApp, ko ta danna Reply All kowa ya gani, da ta tsinka mutumin a gaban jama'a, shi kuma sai ya koma kare kansa maimakon ya amsa. Idan ofisoshinsu na kusa, ta taka ta same shi ya fi. Zuwa da kai ya fi aike, kuma abin da zai yi kaushi a rubuce yakan yi laushi idan an faɗe shi bayan gaisuwa. Lokaci kuma shi ne ranar da gayyatar ta zo. Wanda ya bari sai saura minti goma a fara sannan ya nemi ajanda, kowa ya san hanyar zillewa yake nema.

To, a ce ya amsa: maganar kuɗin man direbobi ce, ana so a daina ba su a hannu a koma tura musu ta banki, kuma ana son sanin kwana nawa sashen kuɗi zai ɗauka kafin kuɗi su shiga idan an kawo buƙata. Yanzu ta san inda aka dosa. Abin da ake nema daga gare ta amsa ɗaya ce, ba ta kai zaman awa biyu ba. Sai ta rubuta masa cewa idan buƙata ta iso kafin sha biyun rana kuɗi za su fita a ranar, idan ta wuce haka sai washegari, kuma sharaɗi shi ne kowane direba ya kawo lambar asusun da ke ɗauke da sunansa. Ta ƙara da cewa idan ana son ta yi bayani da baki, a sa batunta a farko, ta zo ta yi minti goma sha biyar ta koma kan albashi. Shi ya sami abin da yake nema tun kafin zaman, ita kuma ta tsira da safiyarta. Ba mamaki ma ya lura cewa rabin waɗanda ya gayyata haka nasu yake.

A ce kuma shiru ya yi, ko ya ce, "Ke dai ki zo, a can za ki ji." Tunda sa'anta ne a matsayi, kuma aikin da ke gabanta yana da wa'adi, nan ne wurin ƙin zuwa. Ta danna Decline, amma kada ta bar shi ya tafi tsirara. Outlook yana ba da zaɓin Edit the response before sending, Google Calendar kuma yana da Add note. Ta rubuta:

"Malam, ka yi haƙuri ba zan samu halarta gobe ba saboda aikin albashi. Idan akwai abin da ya shafi sashen kuɗi, a turo mini a rubuce, zan amsa kafin a tashi aiki in sha Allah. Ina kuma roƙon kada a yanke abin da ya shafi fitar kuɗi sai an ji ta bakinmu, sannan a turo mini abin da aka cimma."

Jumlar ƙarshen ita ce mafi muhimmanci, domin babban haɗarin rashin zuwa taro shi ne a yanka maka aiki a bayan idonka, ko a amince da abin da kai ne za ka sha wahalar aiwatar da shi. Abin da ya fi komai muni kuwa, kuma shi aka fi yi, shi ne mutum ya danna Accept sannan ya ƙi zuwa, ko ya yi gum kamar bai gani ba. Wannan saɓa alkawari ne, ya sa a yi ta jiransa, kuma shi ne yake zubar da mutunci. Wanda ya ce ba zai zo ba tun jiya ya fi shi daraja mai taron.

Ba kowace takarda ce ajanda ba

Akwai tarkon da mai tambaya ke faɗawa. Ya nemi ajanda, sai a turo masa: addu'ar buɗewa, jawabin shugaba, karanta rahoton zaman baya, batutuwan da suka taso, sauran batutuwa, addu'ar rufewa. Wannan tsarin zama ne, kuma da shi za a iya yin taron kowace ƙungiya a kowace shekara ba tare da an canza harafi ba. Bai gaya maka komai ba.

Steven Rogelberg, malami a Jami'ar North Carolina da ke Charlotte, wanda ya wallafa littafi kan binciken tarurruka a 2019, ya nuna cewa samuwar ajanda kaɗai ba ta gyara taro. Abin da ke cikinta da yadda aka bi ta su ne abin dubawa. Shawararsa ita ce a rubuta batutuwa a matsayin tambayoyin da za a amsa. Maimakon "Batun man direbobi", a rubuta "Shin mu koma biyan kuɗin mai ta banki daga watan gobe, kuma wa zai tattara lambobin asusu?" Da zarar an rubuta haka, an san waɗanda ya kamata su zo, wato masu hannu a amsar, an kuma san lokacin tashi, wato idan an amsa. Idan mai kiran taro ya kasa fitar da tambaya ko ɗaya, to sanarwa yake son yi, kuma sanarwa saƙo ya ishe ta. Saboda haka idan aka turo maka irin waccan takardar, ka ƙara tambaya ɗaya cikin ladabi: "Me ake so a yanke kafin a tashi?"

Inda dabarar ke tsayawa

Duk abin da aka faɗa ya fi sauƙi tsakanin sa'o'i. Idan mai kiran shi ne ogan da ke sa hannu a takardar ƙarin girmanka, lissafin ya canza, kuma duk wanda ya ce maka bai canza ba yana so ya ga an ba ka takardar tuhuma ne. Shugaba yana da haƙƙin ya kira ka ba tare da bayani ba. Abin da za ka iya shi ne ka tambayi shirin da za ka yi, sannan ka miƙa masa zaɓin: "Ranka ya daɗe, akwai abin da zan zo da shi? Kuma aikin albashi zai tafi banki jibi. In ajiye shi in halarta, ko in ƙarasa shi?" Idan ya ce ajiye, sai ka ajiye ka je, nauyin jinkirin kuma ya koma inda ya dace. A ma'aikatun gwamnati, inda takarda ke bin matakai, sau da yawa sakataren oga ya fi kowa sanin abin da za a tattauna, kuma tambayarsa ba ta ɓata wa kowa rai.

Akwai kuma tarukan da aka ɓoye dalilinsu da gangan, kuma da hujja. Maganar ladabtar da ma'aikaci, ko rage ma'aikata, ko rasuwa, ko kuɗin da suka ɓata, ba a rubuta su a take kowa ya karanta. Alamarsu ita ce mutane kaɗan ne, akwai jami'in kula da ma'aikata a ciki, an kira su cikin gaggawa, ko an ce maka "magana ce da ba ta waya ba". Irin wannan zuwa ake yi. Haka idan gobara ta tashi a sito ko mota ta faɗi da kaya, ba wanda zai tsaya rubuta ajanda. Sabon ma'aikaci ma, a watanninsa na farko, gara ya yawaita zuwa ya rage ƙi, domin a waɗannan zaman ne zai gane wa ke da faɗa a ji, kuma bai riga ya san wanne taro ne fanko ba. Taron dangi ko kiran mai unguwa kuwa ba su shiga wannan babi ba sam. Can halartar kanta ita ce saƙon.

Mutum yana iya wuce gona da iri, kuma akwai alamun da zai gane. Idan ka fara jin hukuncin da ya shafi sashenka a bakin masinja, ko aka daina sa sunanka har a tarukan da ke da amfani, ko ka lura kullum gayyatar mutum ɗaya kake ƙi, to abin ya tashi daga kare lokaci ya koma wani abu. Maganinsa shi ne duk lokacin da aka amsa tambayarka da ajanda ta gaske, ka je a kan lokaci, ka je da shiri, a ga bambanci. Wanda ya nemi ajanda aka ba shi sannan ya shigo a makare hannu rabbana, ya rufe wa na bayansa ƙofar tambaya.

Kai kuma da za ka kira mitin a makon nan, kada ka jira a tambaye ka. Kafin ka tura gayyatar, ƙara layi uku a ƙasanta: tambayar da ake so a amsa, abin da kowa zai zo da shi, da ƙarfe nawa za a tashi. Idan wani ya rubuto cewa batun bai shafe shi ba, ka duba. In gaskiya ya faɗa, ka sallame shi ya yi aikinsa, ka tura masa abin da aka yanke.